Sulhu da Biyan Diyya a Ƙananan Laifuffuka: Yadda Abin Yake a Bauchi

Sulhu a shari'ar laifi shi ne wanda aka zalunta ya amince ya bar ƙara, ko dai bayan an biya shi diyya ko kuma don yafiya kawai. A da, tushensa a jihohin Arewa, har da Bauchi, shi ne sashe na 339 na Dokar Tsarin Shari'ar Laifuffuka ta 1960, wanda ya kasa laifuffukan da ake iya sasantawa gida biyu. Na farko su ne waɗanda mai ƙara zai iya yafewa da kansa, kamar rauni mara tsanani, zagi, ɓata suna da shiga gonar wani ba izini. Na biyu kuwa sai kotu ta yarda, domin cutarwarsu ta fi girma.

A ɗauki misalin 'yan kasuwa biyu a Kasuwar Wunti da suka yi faɗa, ɗaya ya fasa wa ɗaya leɓe, har magana ta kai Kotun Majistare. Shugabannin kasuwa suka shiga tsakani, aka daidaita a kan naira 40,000, kuɗin magani da na kwanakin da rumfa ta yi a rufe. Matakin da ya rage shi ne wanda aka ji wa raunin ya tsaya gaban alƙali da kansa, ya tabbatar cewa ya karɓi kuɗin kuma ba tilasta masa aka yi ba. Idan kotu ta rubuta sulhun, hukuncinsa daidai yake da wanke wanda ake tuhuma, ba za a sake gurfanar da shi kan wannan laifi ba.

A nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe. Wanda ya biya a gida, mai ƙara ya daina zuwa kotu kawai, bai tsira ba, domin korar ƙara saboda rashin halarta ba lallai ta zama wankewa ba. Shi ma mai ƙara da ya yafe a kan alkawarin za a biya shi daga baya, ya saki makamin da ke hannunsa. Abin da ya fi shi ne a biya kafin a rufe shari'a.

Tun bayan ƙaddamar da Shari'ar Musulunci a jihar a 2001, Hukumar Shari'a ta Jihar Bauchi ta kafa Zauren Sulhu, inda malamai da dattawa ke sasanta rigingimu kafin su kai kotu. Zauren ba kotu ba ne, ba ya ɗaure kowa.

Fashi da makami, fyaɗe da kisan kai ba sa cikin jerin sashe na 339, komai yawan kuɗin da aka bayar. Dakatar da irin wannan shari'a ikon Antoni-Janar na jiha ne, bisa sashe na 211 na Kundin Tsarin Mulkin 1999. A fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan Shari'a na jihar ke bi, dangin wanda aka kashe na iya yafe ƙisasi su karɓi diyya, amma haddin sata ba ya faɗuwa da yafiya idan magana ta riga ta isa gaban alƙali.