Kuɗin ƙarin ƙarshen shekara: a zuba gaba ɗaya ko kashi-kashi?

Ma'aikacin da ya samu kuɗin ƙari daga wurin aikinsa, kuma yake son sayen hannun jari, yana da hanya biyu. Ko ya zuba kuɗin duka rana ɗaya, ko ya raba su ya riƙa saye wata-wata. A Nijar ana sayen hannun jari ne a kasuwar BRVM da ke Abidjan, wadda ƙasashe 8 na UEMOA suke tarayya a cikinta, ta hannun kamfanonin dillanci da ake kira SGI.

A ɗauki misalin mai jika 600 na sefa, a lokacin da hannun jari ɗaya yake jika 5. In ya saya gaba ɗaya, zai samu 120. In ya raba kuɗin kashi uku, jika 200 kowane wata, abin da zai samu ya dogara da tafiyar farashi. Idan farashi ya sauka zuwa jika 4 a wata na biyu, ya koma jika 5 a na uku, zai samu 40 da 50 da 40, wato 130. Amma idan ya hau zuwa jika 5 da rabi, sannan jika 6, zai samu 40 da 36 da 33, wato 109 kawai.

Ke nan rabawa tana amfani in farashi ya faɗi, tana jawo hasara in ya tashi. Tun da manyan kasuwanni sun fi yawan hawa bisa sauka a tsawon shekaru, zubawa gaba ɗaya ta fi yin nasara sau da yawa. Abin da rabawa take bayarwa shi ne kwanciyar hankali: wanda ya zuba duka yau, gobe farashi ya karye, yakan firgita ya sayar da hasara.

Rabawa tana da nata tsadar. Kowane saye yana da ladan dillali, kuma in akwai mafi ƙarancin lada da ake yanka, ƙananan saye masu yawa sun fi cin kuɗi. Haka kuma kamfanoni da yawa suna raba riba sau ɗaya a shekara, kuma hannun jarin da aka saya bayan ranar yanke rabon ba ya samun komai a wannan zagaye. Babban haɗari kuwa yana gida: kuɗin da ke jira a asusu, biki da suna da rancen dangi sukan cinye su.

Wanda ya zaɓi rabawa, gara ya taƙaita ta zuwa wata uku ko shida, ya tsayar da ranakun saye tun farko, kada ya ɗaga su don jiran sauƙin farashi. Mai bashi mai ruwa kuwa, ko wanda zai buƙaci kuɗin cikin shekara ɗaya ko biyu, biyan bashin da ajiyar ko-ta-kwana su ne gaba da kowane saye.