Tsatsa: yadda take cin ƙarfe, da yadda tutiya ke kare tol ɗin rufi

Kusar da aka ajiye a ɗaki a Zinder cikin hunturu tana iya yin watanni tana ƙyalli. Ita ce kuma, in aka bar ta a tsakar gida da damana, cikin kwana kaɗan sai ta yi ja. Bambancin shi ne ruwa. Ƙarfe ba ya yin tsatsa sai ruwa da iskar oksijin sun haɗu a jikinsa, kuma abin da ke faruwa a wurin daidai yake da abin da ke faruwa cikin pil ɗin tocila: wani ɗan kuran ne ke gudana, kuran ɗin ne ke cin ƙarfen.

Abin da ke faruwa cikin ɗigon ruwa

A ɗauki ɗigon ruwa guda a kan ƙarfe. A tsakiyarsa, inda iska ba ta isa sosai, ƙwayoyin ƙarfen suna sakin ƴan ƙananan abubuwan nan masu ɗauke da kuran da ake kira elektaron, su kuma su narke cikin ruwan. Wannan wuri shi ake kira anod, kuma shi ne ke rarakewa:

Fe → Fe²⁺ + 2e⁻

Elektaron ɗin da aka saki suna bi ta cikin ƙarfen su je bakin ɗigon, inda oksijin ya fi yawa. Can oksijin da ruwa ke karɓe su. Wannan gefe shi ne katod, kuma ba ya cinyewa:

O₂ + 2H₂O + 4e⁻ → 4OH⁻

Abin da ya fito daga nan da wanda ya fito daga can sai su gamu cikin ruwan, oksijin ya ƙara kama su, su zama jan garin nan da muke gani. Shi ya sa sau da yawa tsatsa kan taru a wuri ɗaya, ramin kuma yana gefenta ko ƙarƙashinta. Tsatsar ba ta manne wa ƙarfe da kyau, ɓarewa take yi tana riƙe da danshi, don haka ba ta tsare abin da ke ƙasa.

Ruwan shi ne ke rufe da'irar kuran ɗin, kuma gishiri ko kanwa ko takin zamani da ya narke a ciki na sauƙaƙa wa kuran wucewa. Wannan ne dalilin da ya sa motocin da suka daɗe a bakin teku, irin su Kotonu ko Lome, kan zo da ƙasansu a cinye. Ba sai an yi ruwan sama ba: in danshin iska ya wuce kamar kashi 60 cikin 100, siririn ruwan da ido ba ya gani ya isa.

Ƙarafa biyu in sun haɗu

Ƙarafa ba su yi daidai ba wajen saurin sakin elektaron. A ma'aunin masana, jan ƙarfe na da +0,34 bolt, kuza −0,14, baƙin ƙarfe −0,44, tutiya −0,76, magneziyom kuwa −2,37. In biyu daga cikinsu suka taɓa juna cikin danshi, wanda ya fi ƙasa a jerin shi ke zama anod, shi ke cinyewa, ɗayan ya huta. Duk dabarar kariyar da za a faɗa a nan tana tsaye kan wannan.

Tol ɗin rufi, wato kwano, baƙin ƙarfe ne da aka lulluɓe da tutiya. Ana wanke ƙarfen tas, a tsoma shi cikin narkakkiyar tutiya mai zafin digiri 450 ko kusa da haka. Wani Bafaranshe, Stanislas Sorel, ya yi rijistar wannan hanya a shekarar 1837. Tutiyar na aiki biyu. Tana raba ƙarfe da ruwa kamar fenti, kuma ita kanta a hankali take cinyewa, don iska na yi mata wata siririyar fata mai toka-toka da ke manne mata. Aiki na biyu shi ne wanda fenti ba ya iyawa. In kusa ta karce tol har ƙarfe ya bayyana, ɗigon ruwa ya sauka a wurin, tutiyar da ke kewaye ce ke zama anod. Ita ke narkewa tana tura wa ƙarfen elektaron, karcen ya zauna ba tsatsa. Amma wannan kariya ba ta da nisa, ƴan milimita ne kawai. Ba za ta ceci wurin da aka kankare kamar faɗin tafin hannu ba.

A gwada da gwangwanin tumatir, wanda kuza ce a jikinsa. Muddin ba a karce shi ba lafiya lau. Da ya karce aka jefar da shi cikin danshi, baƙin ƙarfen ne ke ƙasa da kuza a jerin, sai ya zama shi ne anod, ya ci gaba da cinyewa da sauri.

Shekara nawa tol zai yi

Lissafin ba shi da wuya. Tol mai alamar Z275 na ɗauke da giram 275 na tutiya a kowace murabba'in mita, in an haɗa fuska biyu. Wannan ya zo kusan mikiron 20 a kowace fuska, mikiron ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. A busasshen wuri mai tsabtar iska, tutiya ba ta kai mikiron ɗaya a shekara. In aka ɗauki rabin mikiron, rufin zai yi shekara 40. A bakin teku, inda take iya cin mikiron 2 zuwa 4, tol ɗin nan ba zai wuce shekara 5 zuwa 10 ba. Mai arha mai alamar Z100 kuma mikiron 7 kawai ke gare shi, wato kashi ɗaya cikin uku na wancan rai. Kaurin tol da kaurin tutiyarsa abu biyu ne daban, mai saye kuwa yawanci na farkon kaɗai yake tambaya.

Launi na nuna inda aka kwana. Farin gari a jikin tol tutiya ce ke cinyewa, kuma ya fi fitowa a tol ɗin da aka jibge a sito ruwa ya shiga tsakaninsu. Jan tabo kuwa alama ce tutiyar wurin ta ƙare. Walda ma na ƙone tutiya a inda wuta ta taɓa, shi ya sa ƙofa ko tanki kan fara tsatsa daga layin walda. Maganinsa a goge wurin a shafa fenti mai yawan garin tutiya. Farin hayaƙin wannan walda na sa zazzaɓi da ciwon jiki, a yi ta a fili.

Dunƙulen da ake bari ya cinye

Abin da ke cikin ruwa ko a binne, kamar jirgin ruwa, bututu da tanki, ana ɗaura masa dunƙulen ƙarfe mai saurin cinyewa don ya ƙare a madadinsa. Humphry Davy ya gwada haka a 1824 a jiragen ruwan sojan Ingila, inda ya kare rufinsu na jan ƙarfe da guntayen tutiya da baƙin ƙarfe. A ruwan teku ana amfani da tutiya ko alminiyom. A ruwan famfo da cikin ƙasa, inda kuran ke wucewa da ƙyar, magneziyom ya fi, don turinsa ya fi ƙarfi. Sandar da ke cikin tankin dafa ruwan wanka na lantarki irin wannan ce.

Ana iya auna ransa. Kilo ɗaya na tutiya na ba da kamar amfiya-awa 780, shekara kuma awa 8760 ce. Bututun da ke bukatar kuran na kashi ɗaya cikin goma na amfiya zai sha amfiya-awa 876 a shekara, wato kilo ɗaya da ɗan ɗoriya. Dunƙule mai kilo 5 zai yi kamar shekara huɗu, amma ana canja shi tun ya kai rabi.

Sharuɗɗan aikinsa biyu ne: ya taɓa ƙarfen kai tsaye ko ta waya, kuma su biyun su kasance cikin ruwa ɗaya ko ƙasa mai danshi ɗaya. Don haka ɗaura tutiya a jikin mota ko ƙofar gida ba ya hana komi. Ba a kuma shafa masa fenti. Dunƙulen da aka ciro bayan shekara biyu yana nan sabo fil bai yi aiki ba: a duba wayarsa ko kusar da ta ɗaure shi, don tankin ne ya cinye a madadinsa.