Goge Ba Shi Ya Haifi Biyolin Ba

Gogen da ake ji daga ƙasar Bagudo zuwa Dendin Benin ƙwarya ce da fatar guza da tsirkiyar izgar doki. Shi da biyolin dangi ne, ba uba da ɗa ba. Masana da yawa na ganin dukansu sun gaji goga tsirkiya daga rababar Larabawa. Reshe guda ya shiga Turai ta Andalus, har biyolin ya bayyana a arewacin Italiya a ƙarni na 16. Ɗayan ya keto Sahara.

Molo kuwa hanyarsa daban ce. Jita a Sifaniya ta girma, fuskarta katako. Fuskar molo da gurmi fata ce, kuma irin wannan ƙira bayi suka kai Karibiyan, ta zama banjo.