Daga tayin hannu zuwa tayin na'ura: yadda matse farashi ke kashe talla

Waɗanda suka shiga sana'ar tallar intanet a 'yan shekarun nan sun tarar da na'ura ce ke yin tayi. Mu da muka riga su mun san lokacin da mutum ne ke yi da hannunsa. Kamfanin GoTo.com ne ya yaɗa wannan gwanjo a 1998: mai talla ya faɗi abin da zai biya idan aka danna tallarsa, wanda ya fi tayi ya hau sama. Google ya buɗe AdWords a 2000, sannan a 2002 ya koma karɓar kuɗi a kan kowace dannawa, amma ya haɗa tayi da yawan dannawar da talla ke samu kafin ya ba ta matsayi.

A zamanin Manual CPC aikinmu lissafi ne. Kowace kalmar bincike da nata tayin, kuma duk mako sai mu duba wadda ke kawo ciniki mu ƙara mata, wadda ke cin kuɗi a banza mu rage mata. Aibinsa shi ne tayi ɗaya ake yi wa kowa, da mai niyyar saye da mai wucewa. Alfanunsa kuwa, idan talla ta ragu mun san dalili, domin mu muka rage tayin.

A 2007 aka fito da Conversion Optimizer, inda mai talla ke faɗin abin da zai biya a kan kowane ciniki, na'ura ta tsara tayin. Enhanced CPC ya biyo baya a 2010, a 2016 kuma aka tara irin waɗannan dabaru ƙarƙashin sunan Smart Bidding. Na'ura ta fi mu a abu ɗaya da ba mai musu: a kowane gwanjo tana duba wuri da lokaci da irin wayar mai bincike, ta ƙiyasta ko zai saya. Amma ta zo da wani tarko, wato Target CPA da aka matse fiye da kima.

A taƙaice, tayin na'ura shi ne farashin da ka gindaya, a ninka shi da yiwuwar ciniki. Mu ƙaddara wani kamfen yana biyan dala 1 a kowace dannawa, kuma 5 cikin 100 na masu dannawa suna saye. Ke nan kowane ciniki ya tsaya a dala 20. A wata ana samun ciniki 90, ribar kowanne dala 35 kafin a cire kuɗin talla. Sai mai kamfanin ya ce dala 20 ta yi yawa, a mayar da ita 12. Nan take matsakaicin tayin ya faɗo zuwa santi 60, alhali abokan gasa suna nan a kusa da dala 1. Na'ura ba ta da hanyar sauke farashin kasuwa, don haka sai ta janye daga yawancin gwanjon, ta tsaya kan 'yan ƙalilan da ta tabbatar za su saya.

A ce ciniki ya koma 25 a wata. Rahoto zai nuna an cimma dala 12, kowa ya yi murna. Amma a da ribar dala 15 ce sau 90, wato 1,350. Yanzu dala 23 ce sau 25, wato 575. Abin bai tsaya nan ba, domin da ciniki na'ura ke koyo. Idan ya ragu, ƙiyasinta ya yi rauni, musamman inda masu saye ke ɗaukar kwanaki kafin su biya, sai kwanakin baya-bayan nan su yi kamar ba su kawo komai ba.

Gane wannan ciwo ba wuya. Kuɗin da aka ware wa rana ba ya ƙarewa, bayyanar talla tana raguwa, Search lost IS (rank) yana hawa, Search lost IS (budget) kuma yana kusa da sifili. Wanda ya ƙara kasafi a wannan hali bai yi komai ba, domin ba kuɗi ne ya gaza ba, tayi ne.

Maganin da na yarda da shi shi ne a fara da farashin da kamfen ya saba kawowa a kwanaki 30 na baya, sannan a riƙa ragewa da kamar kashi 10 cikin 100, ana jiran ciniki ya taru kafin a sake taɓawa. Idan cinikin bai kai 30 a wata ba, gara a haɗa ƙananan kamfen wuri ɗaya, ko a bar Maximize conversions ba tare da gindaya farashi ba, ko a koma tayin hannu har bayanai su taru. Na'ura ta karɓe mana tayi, amma sanin nawa ciniki ɗaya ya cancanta a biya, wannan har yau yana hannun mai dukiya, kuma daga ribarsa ake lissafa shi.