Daidaita lokutan aikatau a gajeren saƙon imel

Gajeren imel na aiki yakan ɗauki abu uku a sakin layi guda: abin da ya wakana, halin da ake ciki, da abin da za a yi nan gaba. Ba laifi ba ne lokacin aikatau ya sauya sau uku a cikinsa, tunda zancen kansa ya ratsa lokuta uku. Laifin shi ne ya sauya ba tare da mai karatu ya ga inda ya sauya ba.

Tushen matsalar yana cikin ginin Hausa. Lamiran da masu nahawu ke kira shuɗaɗɗen lokaci, lokaci mai ci da lokaci mai zuwa, wato irin su "an", "ana" da "za a", ba su nuna rana ko sa'a da kansu. Abin da suke nunawa shi ne ko aiki ya kammala, ko yana gudana, ko bai soma ba, a daidai lokacin da zance ya tsaya a kai. Idan jimla ta buɗe da "jiya", duk "ana" da ta biyo baya a jiya za a fahimce ta, sai in an kafa sabon lokaci. A Turanci siffar aikatau kanta takan bambanta gudanar aiki jiya da gudanarsa yau, shi ya sa ma'aikacin da ya saba rubuta rahoto da Turanci yake yawan faɗawa wannan rami idan ya koma Hausa.

Misali daga cinikin shinkafa ya isa ya bayyana haka. Tun bayan ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Najeriya a Jihar Kebbi a watan Nuwamba na 2015, da buɗe kamfanin casar shinkafa na WACOT a Argungu a 2017, safarar shanshera tsakanin Birnin Kebbi da Argungu ta zama harkar yau da kullum. A ɗauka wani wakili ya rubuta wa ubangidansa wannan saƙo ranar Alhamis:

"Ranka ya daɗe, ranar Litinin mun je Argungu da buhu 300, aka auna 200, ana duba danshin sauran, za a biya kuɗin, direba ya koma ya kwaso buhu 150 na sito."

Kowace gaɓa a nan Hausa ce mai kyau, amma Alhaji ba zai iya yanke shawara da ita ba. Rana ɗaya tak aka ambata, don haka "ana duba danshi" na iya nufin abin da wakilin ya baro ana yi ranar Litinin, ko abin da ake yi har yau. Haka ma "za a biya": alkawarin da aka yi ranar Litinin ne wanda wataƙila an riga an cika, ko kuwa har yanzu jira ake?

Gaɓar ƙarshe ta fi haɗari. A rubutun boko ba a nuna karin sauti ko tsawon wasali, saboda haka kalmar "ya" guda ɗaya tana tsaya wa abubuwan da kunne ke rarrabewa ba wuya. Akwai "ya" mai dogon wasali ta aikin da ya kammala, akwai gajeruwa ta jeren labari, abokiyar "suka" da "aka", akwai kuma mai karin ƙasa ta umarni ko buƙata. "Direba ya koma ya kwaso" na iya zama labari cewa kaya sun riga sun bar sito, kuma yana iya zama roƙo cewa a tura direba. Idan Alhaji ya karanta shi a matsayin labari alhali roƙo ne, buhu 150 za su kwana a sito ana jiransu a Argungu. Idan ya yi akasin haka, ya biya kuɗin mota ta je ta tarar da sito wayam. Abin lura, Bakabe ba ya shiga wannan ruɗani a bakinsa, domin a Hausar yamma "shi koma" ake cewa a wajen umarni, "yak koma" a jeren labari. Daidaitacciyar Hausa ce ta haɗe su a takarda, don haka wanda ya taso da karin Kabi ya fi kowa buƙatar sake duba kowace "ya" da ya rubuta.

Gyaran ba ya buƙatar tsawaita saƙo sosai. Ana raba sakin layin gida uku bisa jerin aukuwa, kowane gida ya buɗe da kalmar lokaci tasa, sannan lamirin da ke ciki ya bi ta:

"Ranka ya daɗe, barka da war haka. Ranar Litinin 5 ga Mayu mun kai buhu 300 Argungu, aka auna 200 aka karɓa. Zuwa safiyar yau Alhamis ana nan ana duba danshin sauran 100 ɗin, kuma ba a biya kuɗin ko buhu ɗaya ba tukuna. Gobe Juma'a zan koma in karɓo takardar biya. Ina roƙon a umarci direba ya kwaso buhu 150 da ke sito ranar Asabar 10 ga Mayu."

A jimlar labari an bar "mun kai" da "aka auna" yadda suke. Wasu masu gyara sukan ɗauki wannan a matsayin karo su mai da duka "an", alhali ƙa'ida ce: shuɗaɗɗen lokaci na ɗaya ya buɗe labari, na biyu ya ja jeren abin da ya biyo. Haka "zan koma in karɓo": lamirin lokaci mai zuwa sau ɗaya yake fitowa, sauran aikatau su bi shi da "in", "mu" ko "a". Kuskuren da ake yawan gani shi ne irin "za mu koma muka karɓo", inda jeren labari ya kutsa cikin shiri.

"Zuwa safiyar yau" ita ce ta yanke igiyar Litinin, "tukuna" kuma ta nuna ana sa ran biya. A wannan jimla akwai ƙaramar kalma da mai sauri kan wayar hannu yakan yar, wato "ba" ta ƙarshe. "Ba a biya ba" rahoto ne cewa kuɗi ba su fito ba. "Ba a biya" kuwa cewa ne an daina biya ko ba a yin sa sam, labarin da zai iya sa ɗan kasuwa ya juya motarsa zuwa wani kamfani.

Ita kuwa "ya" mai fuska biyu, maganinta a sa mata jagora. In umarni ne, a gabatar da "a umarci", "ina so" ko "sai". In labari ne, a ce "ya riga ya kwaso" tare da ranar. Amma "sai" kanta tana buƙatar hattara, domin "sai ya koma" ma tana ɗaukar ma'ana biyu a rubuce, ko da yake a jam'i bambancin a fili yake tsakanin "sai suka koma" da "sai su koma". Daga nan aka samu gwaji mai sauƙi: a mai da "ya" zuwa jam'i a zuci. Idan "sun", "suka" da "su" duk sun zauna a gurbin ba tare da jimlar ta ɓaci ba, mai karatu ma zai iya ɗaukar kowace, kuma dole a sake gina ta.

Ma'aikacin gwamnati da ke aika wa darakta ko babban sakatare rahoto yana da ƙarin dalili. Saƙonsa yakan bi hannu da hannu, a karanta shi bayan mako guda, lokacin da "yau" da "gobe" sun tashi daga inda ya ajiye su. A irin wannan saƙo ana haɗa su da kwanan wata: "zuwa yau 8 ga Mayu ana jiran sa hannun akanta" maimakon "yanzu ana jira". Kuma inda aka rubuta "za a tura fayil", gara a faɗi wanda zai tura da ranar da zai tura, tunda "za a" ba ta ɗora aikin a kan kowa.