eARC da sandar sauti: abin yi in lasifikokin baya suka yi shiru a PS5

Sau da yawa ɗan'uwa da ke waje yakan aiko da PlayStation 5 da sandar sauti, doguwar lasifikar nan da ake ajewa ƙarƙashin tele, tare da ƙananan lasifikoki biyu na baya. A haɗa komi, hoto ya fito tas, amma na baya su yi tsit. Galibi ba lalacewa ba ce, hanyar da sautin ke bi ce ta yi masa ƙunci.

Yadda sautin ke tafiya

Na'urar wasa tana tura hoto da sauti zuwa tele ta wayar HDMI. Tele ta riƙe hoton, ta miƙa sautin ga sandar ta wata wayar HDMI ta biyu. Wannan miƙawa ita ce ARC, wadda ta zo a 2009 tare da HDMI 1.4. Hanyar ƙarama ce: tana ɗaukar sautin PCM na lasifika biyu kawai, ko 5.1 da aka matse, kamar Dolby Digital. 5.1 na nufin lasifika biyar da ɗaya ta gurnani.

A 2017 HDMI 2.1 ta kawo eARC, mai ɗaukar kimanin megabit 37 a daƙiƙa, don haka 5.1 da 7.1 suna wucewa ba matsi. Amma sai tele da sandar duka biyu suna da ita. In ɗaya ARC gare ta, haɗin ya koma ARC.

Misali: PS5 da tele mai ARC kawai

Mu ɗauka a bayan telen an rubuta ARC, babu "e" a gaba, ita kuma PS5 tana kan Linear PCM. Wannan sautin bai matsuwa, 5.1 ɗinsa ba ya iya ratsa ARC, sai lasifika biyu su isa ga sandar. Alamar ita ce allon sandar ko manhajarta ta waya ta nuna PCM 2.0.

Gyaran yana cikin PS5. Ku shiga Settings, sai Sound, sai Audio Output. In menu na Faransanci ne, Paramètres, Son, Sortie audio. A HDMI Device Type ku zaɓi AV amplifier, ku sa Number of Channels a 5.1 ch. Can ƙasa, a Audio Format (Priority), ku bar Linear PCM ku ɗauki Dolby Audio. Yanzu sautin ya matsu daidai hanyar. Abin da ke iya biyo baya shi ne ɗan jinkiri tsakanin hoto da sauti, saboda lokacin matsewa da warwarewa.

In jinkirin ya dame ku kuma sandar tana da ƙofar HDMI IN, ku cusa PS5 a can kai tsaye, sandar ta miƙa hoto ga tele. Sai dai sanduna da yawa ba su wuce da 4K a 120Hz, wasan zai tsaya a 60Hz.

In akwai eARC amma har yanzu shiru

Ku fara da ƙofa. Ɗaya ce tak a tele aka rubuta mata eARC, kuma ta sandar ce. Na'urar wasa ta shiga wata. A sandar ma, wayar ta shiga ƙofar da aka rubuta eARC ko TV, ba HDMI IN ba.

Sai saitin tele. Ku kunna eARC, don wasu telen suna zuwa da ita a kashe. A Digital Audio Output ku zaɓi Pass Through ko Auto. In kuka bar ta a PCM, tele da yawa suna maida sautin na lasifika biyu. Ku kunna CEC ma, wadda Samsung ke kira Anynet+, LG ke kira Simplink, Sony kuma Bravia Sync.

Sannan waya. eARC tana son wadda aka rubuta wa High Speed with Ethernet ko Ultra High Speed. Tsohuwar waya tana iya nuna hoto lafiya lau, sauti yana yankewa.

In kuwa jiya komi na tafiya, wuta ta ɗauke ta dawo sauti ya ɓace, ku cire tele da sandar da na'urar daga wuta minti ɗaya. Ku maida tele, sai sandar, na'urar wasa a ƙarshe, don su sake gane juna.

Kafin ku aiko da kaya

Ƴan'uwa na waje, ku sa a ɗauko muku hoton bayan tele tukuna, ku ga ARC aka rubuta ko eARC. Nintendo Switch tana fitar da 5.1 a PCM kaɗai, babu Dolby, don haka a tele mai ARC dabarar da muka faɗa ba ta yi mata. Sai eARC ko sanda mai HDMI IN. Sandar da aka rubuta wa 2.1 kuma ba ta da lasifikar baya ko ɗaya, ba saitin da zai sa sauti ya fito daga bayanku.