Kuɗin Inganta Kadara a Lissafin Harajin Riba: Nazari a Kan Sayar da Fili da Hannun Jari a Nijeriya

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci yadda dokar harajin ribar kadara ta Nijeriya ta 1967 take lissafa ribar da mutum ya samu idan ya sayar da fili ko hannun jari, musamman kuɗin da aka kashe wajen inganta kadarar. An bi hanyar nazarin nassin doka, sannan aka gwada shi a kan misalin da aka tsara. Binciken ya nuna cewa tunda dokar ba ta la'akari da faɗuwar darajar naira, kuɗin ingantawa na cikin 'yan abubuwan da ke rage wa mai fili haraji, amma sharaɗinsa da buƙatar hujja suna sa yawancinsa ya zube.

Gabatarwa

Gwamnatin soja ta Yakubu Gowon ce ta kafa wannan haraji a 1967, ta kwaikwayi tsarin da Birtaniya ta shigo da shi a 1965. Da farko kashi 20 cikin ɗari ake karɓa, daga 1996 aka rage zuwa kashi 10. Kamfanoni suna biya ga hukumar haraji ta tarayya, ɗaiɗaikun mutane kuma ga hukumar jiharsu. Wannan doka ce ta hukunta duk cinikin da aka ƙulla har ƙarshen 2025, kafin sabuwar dokar haraji da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025 ta maye gurbinta. A kanta wannan nazari ya tsaya.

Harajin yana faɗawa ne a kan abin da ya rage bayan an cire tsadar kadarar daga kuɗin sayarwa. Saboda haka duk gardamar da ke tsakanin mai fili da jami'in haraji a kan tambaya ɗaya take: me za a yarda a kira tsada? Wanda sana'arsa ce sayen filaye yana yankawa yana sayarwa ba ya cikin wannan bayani, domin ribarsa ta kasuwanci ce, harajin kuɗin shiga ne ke hawa kanta.

Abin da sashe na 13 ya yarda a cire

Sashe na 13 ya amince da kashe-kashe iri huɗu. Akwai kuɗin sayen kadarar tare da abin da ya biyo bayansa, kamar la'adar dillali, kuɗin lauya da na safiyo da na kan sarki. Akwai abin da aka kashe wajen tabbatar da mallaka ko kare ta, akwai kuma ɗawainiyar sayarwa. Na huɗun, wanda ya fi jawo saɓani, shi ne kuɗin ƙara wa kadarar daraja.

Dokar ta ɗaure wannan na huɗun da sharuɗɗa biyu. Dole ne a ce don inganta kadarar kaɗai aka kashe kuɗin, kuma dole ne aikin ya kasance yana nan a jikin kadarar ranar da aka sayar da ita. Sharaɗi na biyun ya fi tsanani fiye da yadda ake zato. Wanda ya gina ɗakin maigadi a filinsa, daga baya ya rushe shi don mai saye yana son fili fetal, ya yi asarar wannan kuɗi a idon doka, duk da cewa ginin ya tsare filin shekara da shekaru. Abin lura kuma, nassin bai ce sai aikin ya ɗaga farashi ba. Rijiyar burtsatse da mai saye bai damu da ita ba tana shiga lissafi muddin tana nan.

Sashe na 14 ya ƙara wani shinge: abin da ake iya cirewa a lissafin harajin kuɗin shiga ba a sake cire shi a nan. Da wannan aka raba gyara da ingantawa. Sake fenti, toshe yoyon kwano da albashin maigadi hidimar yau da kullum ce. Ɗora bene a kan gida ko zagaye fili da katanga a karon farko kuwa ingantawa ce. Tsakanin biyun akwai wurin da kai ke ɗaurewa. Idan katangar ƙasa ta faɗi da damina aka mayar da ita da bulo da siminti, wani ɓangare na aikin mayar da abin da ke nan ne, wani kuma ƙari ne. A ra'ayin wannan nazari, bambancin kuɗin da ke tsakanin mayar da ta ƙasa da gina ta bulo shi ne ya cancanci a cire, ko da yake mai biyan haraji zai so a cire duka.

Guminka kuma ba tsada ba ne. A shari'ar Oram da Johnson ta 1980, kotun Ingila ta ƙi yarda mutum ya sa wa aikin da ya yi da hannunsa a gidansa farashi ya cire, domin kashewa tana nufin kuɗi sun fita daga aljihu. Hukuncin bai zama dole a kan kotunan Nijeriya ba, amma nassin dokokin biyu ya yi kama sosai, don haka yana da nauyi. Wannan ya shafi duk wanda shi da 'ya'yansa suka buga bulo, ko aka yi masa gayya.

Misali a kan fili

A ɗauka wani ya sayi fili a bayan garin Kano a 2015 a kan naira miliyan 8, ya kashe 800,000 a la'ada da lauya da rajista. Filin kwari ne, sai ya zuba tifofin jar ƙasa na miliyan 1.5 ya cike shi, ya ja katanga da ƙofar ƙarfe a kan miliyan 2.2, ya haƙa burtsatse a kan miliyan 1. Ya kafa rumfar kwano ta 700,000 wadda aka cire kafin ciniki, ya kuma biya maigadi da masu share ciyawa 600,000 a tsawon shekarun. Wani magajin tsohon mai filin ya kai shi kotu, ya kashe 900,000 ya yi nasara. A 2024 ya sayar a kan miliyan 40, dillali ya karɓi miliyan 2.

Rumfar ta fita daga lissafi saboda ba ta nan, kuɗin gadi da shara sun fita saboda hidima ce. Sauran duka sun shiga, jimlarsu miliyan 16.4, wadda miliyan 4.7 daga cikinta kuɗin ingantawa ne. Riba ta zama miliyan 23.6, haraji kuma naira 2,360,000.

Wannan lissafi ya ginu ne a kan zaton cewa yana da hujjar kowane kashi, kuma a nan gizo ke saƙar. Direban tifa ba ya ba da rasit, birkila da leburorinsa kullum da yamma ake sallamarsu a hannu. Katanga da burtsatse ana ganinsu, mai ƙiyasin gini zai iya auna tsawo da yawan bulo ya kimanta kuɗinsu. Cikon ƙasa kuwa, bayan shekara tara da damina tara, ya saje da filin. Ya cika sharaɗin doka domin yana nan, amma ba mai iya nuna shi sai da hoton filin kafin aiki, ko ma'aunin safiyo, ko shaidar tura kuɗi ta banki. Idan jami'in haraji ya ƙi karɓar miliyan 4.7 ɗin gaba ɗaya, harajin zai ƙaru da naira 470,000.

Akwai wani tarkon da mai saye ke ɗana wa kansa tun ranar farko. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta wajabta neman amincewar gwamna kafin a sauya mallakar filin da ke da shaidar mallaka, kuma kuɗaɗen da ake biya a lokacin suna bin darajar filin. Wannan ke sa wasu su rubuta ƙaramin farashi a takardar ciniki. Da mutumin namu ya rubuta miliyan 3 maimakon 8, to miliyan 5 da ya ɓoye za ta dawo masa a matsayin riba ranar sayarwa, ya biya mata naira 500,000.

Idan rabin filin aka yanka aka sayar, sashe na 16 ya ce a raba tsadar da ƙa'idar A/(A+B), inda A ke nufin kuɗin ɓangaren da aka sayar, B kuma darajar kasuwa ta wanda ya rage. Daraja ake bi, ba faɗin ƙasa ba, don haka rabin da ke bakin titi yana ɗaukar kaso mafi girma na tsadar.

Hannun jari

An yafe wa hannun jari wannan haraji tun 1998, sai dokar kuɗi ta 2021 ta gyara sashe na 30 ta dawo da shi daga 1 ga Janairun 2022, a kan kashi 10. A ƙarƙashin wannan gyara, wanda ya yi aiki har ƙarshen 2025, ba a biya idan jimlar abin da aka sayar cikin wata goma sha biyu a jere ba ta kai naira miliyan 100 ba, kuma abin da aka mayar cikin hannun jarin kamfanin Nijeriya a shekarar ba ya shiga. Mai hannun jari ba shi da katangar da zai gina. Tsadarsa ita ce farashin saye da la'adar dillalin kasuwa, sai abin da ya biya idan kamfani ya ba shi damar ƙarin saye. Hannun jarin da aka ba shi kyauta yana ƙara yawan abin da ya mallaka ba tare da ƙara tsada ba. Wanda ya saya a miliyan 95, ya sayar a miliyan 120 da ɗawainiyar miliyan 2, ribarsa miliyan 23 ce, harajinsa miliyan 2.3. Idan ya mayar da rabin kuɗin cinikin cikin wani hannun jarin, rabin harajin zai biya.

Matsalar darajar naira

Dokar tana ɗaukar nairar 2015 daidai da ta 2024. A farashin gwamnati na 2015, kusan naira 197 a dala ɗaya, miliyan 8 ta haura dala dubu 40. A 2024, lokacin da dala ta kai naira 1,500, miliyan 40 ba ta kai dala dubu 27 ba. Mutumin da aka ce ya ci ribar miliyan 23.6 ya fita da abin da bai kai jarinsa ba idan aka auna da dala. Kuɗin ingantawa ma haka ya same su: katangar da aka gina da simintin 2016 ana cire ta a farashin 2016, alhali mai saye ya biya ta a farashin yau. Birtaniya ta shigo da rangwamen hauhawar farashi a 1982, duk da cewa daga baya ta dakatar da shi. Dokar 1967 ba ta taɓa samun irinsa ba, ƙanƙantar kashi 10 ce kawai ta riƙa rufe wannan giɓi.

Sabuwar dokar ta cire wannan murfi. Daga Janairun 2026 manyan kamfanoni suna biyan kashi 30, ribar ɗaiɗaikun mutane kuma tana bin matakalar harajin kuɗin shiga har zuwa kashi 25. Idan aka ɗora ribar miliyan 23.6 a kan wannan matakala, ga mutumin da ba shi da wani kuɗin shiga a shekarar, harajin zai kai naira 4,386,000. Idan kuma aka ƙi karɓar miliyan 4.7 ɗin nan, zai koma naira 5,439,000, wato ƙarin 1,053,000 a inda tsohuwar doka ta tsaya a 470,000.